Sashen Shawarwari na Rahoton Masani: Yadda Za A Rubuta Shi Malami Ya Iya Aiki da Shi



An ɗora mana yin magana a kan shafi ɗaya tak daga cikin rahoton da masani yake rubutawa bayan ya gwada yaron da karatu ko zaman aji yake yi wa wuya. Wannan rahoto yakan fara da dalilin da ya sa aka kai yaron, ya bi da tarihinsa, da gwaje-gwajen da aka yi masa, da sakamakonsu, sa'an nan ya rufe da shawarwari. Likita yakan duba sakamako, iyaye sukan nemi sunan abin da yake damun ɗansu, mu kuwa malamai da zarar takardar ta shigo hannunmu, shafin ƙarshe muke buɗewa. A nan ne muke neman amsar tambayar da ta dame mu: me za mu yi wa wannan yaro ranar Litinin da safe? Idan shafin bai amsa ba, rahoton zai shiga durowar hedimasta ya kwanta, yaron kuma ya ci gaba da zama yadda yake, alhali iyayensa sun kashe kuɗin mota da na gwaji, sun kuma sa rai.

Abin da muke so mu tabbatar a yau guda ne. Shawara ba ta zama abin aiki a hannun malami sai ta faɗi wanda zai yi, da abin da zai yi, da lokacin da zai yi shi, da kayan da zai yi da su, da kuma yadda za a gane ko ta yi amfani. Za mu bi wannan magana ta hanyar misali ɗaya daga makarantarmu. Mun sakaya sunan yarinyar da na wanda ya rubuta rahoton, domin amana ce.

Yarinyar 'yar shekara tara ce, tana aji uku, a ajin da yake da ɗalibai 84. Ba ta da fitina, tana da wayon magana, kuma in aka ba da labari takan fi kowa gane inda aka dosa. Amma ba ta iya karanta kalma mai gaɓa biyu ba, kwafi daga allo yakan cinye mata darasi sukutum, kuma in aka ba da umarni takan yi na farko ta tsaya tana kallon littafin maƙwabciyarta. Iyayenta suka kai ta wurin masani a birni, suka dawo da rahoto mai shafi tara cikin Turanci. An yi mata gwajin Wechsler na yara, wanda aka fara fitarwa a Amurka a 1949, da gwajin zane-zane na Raven, wanda ba ya bukatar yaro ya yi magana ko karatu. A gwajin zane-zanen ta yi daidai da sa'o'inta. Inda ta yi rauni shi ne ƙarfin riƙe magana a ka na ɗan lokaci yayin da ake aiki da ita.

Wannan ƙarfi kowa ya san shi a gida, ko da bai san sunansa ba. Shi ne abin da yaro yake amfani da shi in an aike shi ya sayo gishiri da ashana da kanwa, ya biya ta gidan gwaggonsa ya karɓo rariya. Wani yaron zai dawo da duka huɗun, wani kuwa zai dawo da gishiri kaɗai yana rantsuwa abin da aka ce ke nan. Yarinyarmu in an jero mata lambobi uku takan maimaita su, in an kai huɗu sai su zube. Rahoton ya ba ta maki 78 a wannan fanni. A tsarin gwajin, 100 shi ne tsaka-tsaki, kuma 78 yana nufin cewa a cikin yara ɗari sa'o'inta, kamar bakwai ne kawai suke daidai da ita ko ƙasa da ita.

Har zuwa nan aikin masanin ya yi kyau, domin ya gano mana abin da muka daɗe muna gani ba mu san dalilinsa ba. Sai muka zo shafin ƙarshe, muka tarar da shawarwari 17 a jere, babu babba babu ƙarama. Daga cikinsu akwai cewa a zaunar da ita wurin da ya dace, a sauƙaƙa mata umarni, a ba ta kulawa ta ita kaɗai, a koyar da ita ta hanyar ji da gani da taɓawa, a ƙara mata lokaci, a samo mata mataimakin malami, a kuma ba ta na'urar da take karanta rubutu da murya. Babu ƙarya ko ɗaya a cikinsu. Amma mu ɗauki ta uku mu yi mata lissafi. Darasinmu minti 35 ne, wato daƙiƙa 2,100. In aka raba wa yara 84, kowane yaro zai tashi da daƙiƙa 25. Malamar da ta ware wa yarinya ɗaya minti goma ta ɗauki rabon yara 24 ke nan. Tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, kuma da alama irin wannan ajin ne masanin yake hange sa'ad da yake rubutu. Ajin da yarinyar take zaune a cikinsa ya ninka haka har da ɗoriya, babu wutar lantarki, babu mataimaki.

Saboda haka abu na farko da muke roƙon mai rubuta rahoto shi ne ya san ajin kafin ya ɗora alƙalami. In zai iya zuwa ya zauna a bayan aji na tsawon darasi ɗaya, wannan ya fi, domin gani ya kori ji. In ba zai iya ba, kiran waya na minti goma ya isa ya tambayi yawan ɗalibai, da tsawon darasi, da harshen da ake koyarwa da shi a zahiri, da ko yara suna da littattafai, da kuma abin da malamar ta riga ta gwada. Wannan tambaya ta ƙarshe tana da nauyi. Malamar da ta yi zango biyu da dawo da yarinya bencin gaba, in ta ga an rubuta mata cewa ta dawo da ita gaba, ba za ta ƙara yarda da sauran abin da yake shafin ba.

Mun yi sa'a masanin mutum ne mai sauraro. Da hedimasta ya kira shi, ya yarda ya zauna da malamar ajin da mahaifin yarinyar, aka sake rubuta shafin tare. Shawarwari 17 suka koma biyar: uku na malamar aji, ɗaya ta hedimasta, ɗaya ta gida. Kowace an rubuta sunan muƙamin mai ita a kanta, domin shawarar da aka fara da "a yi" ba ta da uwa ba ta da uba, kowa zai ɗauka wani ake nufi. An kuma jera su bisa muhimmanci, yadda in malamar ba ta iya komai ba sai ta farko, to ta yi abin da ya fi amfani. Sauran goma sha biyun ba a zubar da su duka ba. An ajiye wasu a ƙasa a ƙarƙashin abin da za a duba in an kammala mako shida, domin taura biyu ba ta taunuwa, balle goma sha bakwai.

Kafin waɗannan biyar, an rubuta abu ɗaya a saman shafin: mahaifi ya kai ta asibiti a duba kunnenta da idonta cikin mako biyu. Dalili kuwa shi ne, yaron da ruwa ya taru a bayan dodon kunnensa, ko wanda ba ya ganin allo sosai, yakan yi kama da mai raunin riƙo, kuma babu dabarar koyarwar da za ta gyara kunne. An duba, aka tarar lafiya lau take, sai aka ci gaba da sauran da kwanciyar hankali.

Bari mu karanta muku yadda shawarar umarni ta koma. Da farko cewa aka yi a sauƙaƙa mata umarni. Sabuwar ta ce: "Malamar aji. Yarinyar tana iya riƙe abu biyu a lokaci guda, na uku yakan kuɓuce mata in tana aiki. Kada umarnin da za ki ba ta ya wuce mataki biyu. In kin gama faɗa wa aji, ki matso ki ce ta maimaita miki abin da za ta fara yi. Kada ki tambaye ta ko ta gane, domin za ta ce e." Aka kuma kawo misali daga bakin malamar kanta. Ta saba cewa, "Ku fito da littafin lissafi, ku buɗe shafi na 24, ku rubuta kwanan wata, ku yi tambaya ta ɗaya zuwa ta biyar." Wannan mataki huɗu ne, kuma akwai lambobi uku a ciki. Yanzu sai ta ce a fito da littafi a buɗe shafi na 24, ta rubuta 24 babba a kusurwar allo, ta jira, sa'an nan ta faɗi sauran.

Ku lura da abin da wannan rubutu ya ƙunsa. Ya fara da dalili a jimla ɗaya, cikin maganar yau da kullum, ba tare da maki ko sunan gwaji ba. Dalilin yana da amfani domin masani ba zai iya hango kowane hali da zai taso a aji ba. Malamar da ta san cewa abu biyu ne iyakar riƙon yarinyar za ta gane da kanta cewa shifta mai dogayen jimloli da lissafin ka za su ba ta wuya, ta kuma nemo mafita ko ba a rubuta mata ba. Rubutun ya kuma faɗi abin da za a daina, wato tambayar "kin gane?". Sa'an nan bai ɗauki rabon kowa ba: rarraba umarni yana amfanar dukan ajin, maimaitawar yarinyar kuma ba ta wuce daƙiƙa goma. A babban aji, shawarar da za a yi wa kowa da kowa ita ce take daɗewa, kuma ba ta sa a nuna yaro da yatsa.

Shawarar wurin zama ma ta sami gyara. Maimakon wurin da ya dace, aka rubuta bencin gaba, a bakin layi, ta ɓangaren da malamar take tsayawa, nesa da ƙofa da taga, kusa da ɗaliba mai natsuwa wadda aka gaya mata iyakar aikinta: ta nuna shafi da layin da ake, kada ta faɗi amsa. Aka haɗa da maganar kwafi. Yaro mai raunin riƙo in ya ɗaga kai ya dubi allo, harafi biyu ko uku yake ɗaukowa, kafin ya sauke kai ya rubuta ya sake ɗagawa ya manta inda ya tsaya. Don haka aka ce a rubuta mata aikin a guntun kwali a ajiye a gabanta, ta riƙa bi da yatsa, kuma in sauran za su kwafi layi shida, ita ta kwafi uku.

Waɗannan biyun duka sauƙaƙawa ne. Suna kawar da abin da yake tare wa yaro hanya, amma ba su koya masa abin da bai iya ba. Rahotanni da yawa sukan cika shafi da sauƙaƙawa su manta da koyarwa, sai a wayi gari yaro yana zaune a gaba cikin jin daɗi, ya kai aji shida bai iya karatu ba. Shi ya sa muke roƙon a riƙa raba su a fili, kuma kada rahoton yaron da bai iya karatu ba ya fita babu shawarar koyarwa aƙalla ɗaya.

Ga yadda aka rubuta tamu. Malamar aji za ta zauna da yarinyar tare da wasu yara huɗu da suke mataki ɗaya da ita, minti goma a farkon hutun tara, Litinin zuwa Alhamis, har mako shida. Kayan aiki su ne murafun kwalba da aka rubuta gaɓoɓi a kansu, kowane murfi gaɓa ɗaya. Da Hausa za a fara, domin ita yarinyar take ji, kuma rubutun Hausa yana bin furuci ƙwarai fiye da na Turanci. Kowane mako baƙaƙe biyu kawai za a shigar, a haɗa su da wasula biyar. Minti uku na farko bitar na jiya ne, huɗu na tsakiya sabuwar gaɓa, uku na ƙarshe haɗa kalma: a ɗauki "na" da "ma" a jera su a karanta "nama", a juya su a karanta "mana". Amfanin murfin shi ne gaɓar farko tana nan a gaban idonta sa'ad da take fama da ta biyu, ba sai ta riƙe ta a ka ba. Da haka ne maganar ji da gani da taɓawa ta zama abin da hannu zai iya kamawa.

Sai awo, wanda shi ne rahotanni suka fi mantawa da shi. An shirya takarda mai gaɓoɓi 50 a gauraye. Kafin a fara, aka ba ta minti ɗaya, ta karanta 11 daidai. Aka rubuta burin cewa bayan mako shida ta kai 25. Kowace Alhamis malamar za ta sake yi mata awon, ta rubuta lambar a bangon rajista, ta kuma yi alama a kan gaɓoɓin da ta kuskure. Aka ƙara da sharaɗi: in lambar ta tsaya wuri ɗaya mako uku a jere, kada a jira ƙarshen wa'adi, a kira masanin. Wannan awo minti ɗaya yake ci a mako, amma shi ne yake hana gardama. Ba tare da shi ba, in an hadu bayan zango, malama za ta ce tana ganin an sami sauƙi, uba ya ce shi bai ga komai ba, kuma babu mai hujja.

Shawarar hedimasta ta shafi jarrabawa, domin ba malamar aji take da ikon canza tsarinta ba. Maimakon a ce a ƙara mata lokaci, aka rubuta cewa a ƙara mata kashi ɗaya cikin huɗu, wato jarrabawar minti 40 ta zama 50, kuma a jarrabawar da ba ta karatu ba ce, kamar lissafi, a karanta mata tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ta gida kuwa da Hausa aka rubuta ta a takarda daban: yayanta da yake ƙaramar sakandare ya zauna da ita minti goma da yamma da murafun makon, kada ya shigar da sabo, kada ya buge ta, kuma in za a aike ta, kada saƙon ya wuce abu biyu. Maganar mataimakin malami da na'ura mai karatu an mayar da su wasiƙar da hedimasta zai aika ofishin sakataren ilimi. Dokar hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta ba su haƙƙin ilimi ba tare da bambanci ba, don haka neman kayan aiki ba roƙon alfarma ba ne. Amma a nema daga wanda yake riƙe da kuɗin. In aka rubuta shi a shafin malama, an ɗora mata laifin abin da ba ta da iko a kansa.

Bayan mako shida, yarinyar ta kai gaɓa 19, ba ta kai 25 ba. Alamun da malamar ta riƙa yi ne suka nuna inda matsalar take: fiye da rabin kurakuranta a kan "b" da "d" da "ɗ" suke, waɗanda tsarin ya shigar kusa da juna. Sai aka raba su, kowane aka ba shi makonsa shi kaɗai, aka ajiye mata kwali mai hoton doki kusa da "d" da hoton bante kusa da "b". Haka kuma an gano cewa maƙwabciyarta ta wuce gona da iri. Littafin yarinyar ya cika da amsoshi daidai, amma in an kira ta ta yi irin tambayar da baki sai ta kasa, kuma kuskuren da yake littafin ɗaya shi ne yake na ɗayar. Aka sake jaddada wa maƙwabciyar iyakarta, aka kuma riƙa canza ta bayan mako biyu. Yarinyar har yanzu ba ta kamo sa'o'inta ba, kuma raunin riƙon ba abin da za mu ce mun warkar ba ne. Abin da ya canza shi ne ta fara haɗa kalma da kanta, kuma mun san matakin da za mu taka na gaba.

Akwai iyaka guda da ya kamata mai rubutu ya faɗa a fili. Ma'aunin da ake kwatanta makin gwajin Wechsler da shi daga yaran ƙasashe irin su Amurka da Birtaniya aka samo shi. In an yi wa yarinyarmu gwajin da Turanci, an auna ta da harshen da ba ta ƙware a kai ba. In kuma an fassara mata lambobin zuwa Hausa, wata matsalar ta shigo. Daga ɗaya zuwa tara, kowace lambar Hausa gaɓa biyu ce, alhali a Turanci duk gaɓa ɗaya ne in ban da bakwai, kuma an san cewa kalmomin da suka fi daɗewa a baki sun fi wuyar riƙewa. Ellis da Hennelly sun nuna haka a 1980 a yankin Wales, inda masu harshe biyu suka riƙe lambobi da yawa da Turanci fiye da yadda suka riƙe da harshensu na gida mai dogayen sunayen lambobi. Saboda haka 78 ɗin nan ba hukunci ba ne. Mun yarda da shawarwarin ne domin abin da gwajin ya nuna ya dace da abin da malama ta gani a aji da abin da uwa ta gani wajen aike. Rahoto mai kyau yakan faɗi harshen da aka yi gwaji da shi, ya kuma jingina kowace shawara da abin da aka gani da ido, ba da maki kaɗai ba.

Wani abin kuma shi ne sirri. Shafin shawarwari yana yawo fiye da sauran rahoton: malamar aji za ta gani, da malamin Turanci, da wanda zai karɓi ajin baɗi. Don haka a rubuta shi yadda za a iya cire shi ya tsaya da kansa, babu tarihin haihuwa, babu maganar zaman iyaye, babu sunan cuta in ba dole ba. Sauran rahoton ya zauna a kulle a ofis, kuma ko shafin shawarwarin ba a raba shi sai da yardar iyaye. Ya kyautu kuma ya buɗe da abin da yaron ya iya. Namu ya fara da cewa yarinyar tana da kaifin fahimta in an yi mata bayani da baki ko da hoto. Malamin da ya fara karanta wannan ba zai kira ta daƙiƙiya ba, kuma zai san ta inda zai shigo mata.

Ga 'yan'uwanmu malamai, in rahoto ya zo hannunku, akwai alamun da za ku gane shawarwarin da aka kwaso daga wani rahoton aka liƙa. Za ku ga ana cewa "shi" alhali yarinya ce, ko ana ambaton kayan da makarantarku ba ta taɓa mallaka ba, ko kuma ku nemi abin da ya haɗa shawara da sakamakon gwajin ku rasa. Gwaji mafi sauƙi shi ne ku miƙa shafin ga malamin da bai karanta sauran ba, ku tambaye shi abin da zai yi a darasin farko na Litinin. In ya yi shiru, shafin bai gama nuna ba. Kada ku jefa shi a durowa, kada kuma ku yi fushi da mai shi. Ku zaɓi shawarwari uku, ku rubuta a gefen kowace wane ne zai yi, yaushe, da me, har tsawon wane lokaci, ku mayar wa masanin ta hannun hedimasta da sanin iyaye, ku nemi ya cike guraben tare da ku.

Mu ma akwai abin da yake wuyanmu tun kafin a kai yaro. Takardar da za mu rubuta masa kada ta tsaya ga cewa ba ya ƙoƙari. Mu yi mako biyu muna lura, mu rubuta darasin da ya fi ba shi wuya, da lokacin da hakan yake faruwa, da abin da muka gwada da yadda ya kaya, mu haɗa da shafi biyu ko uku na littafinsa. Mu kuma rubuta tambayarmu a fili, misali: ta yaya za mu koya mata haɗa gaɓa a aji mai yara 84? Masanin da aka yi wa tambaya takamaimai zai fi ba da amsa takamaimai.

Ga baƙinmu masana, kafin ku sa hannu a rahoto, muna roƙon ku rubuta ranar da za a sake zama da lambar da malami zai same ku a kai, a ƙasan shafin shawarwari. Mako shida zuwa takwas ya isa a ga ko tsari yana tafiya. A wannan zaman za mu zo muku da lambobin da muka rubuta a bangon rajista da littafin yaron, mu duba tare abin da za a riƙe da abin da za a canza.

 Allah ya ba mu ikon sauke amanar yaran da aka damƙa mana.